Harajin wace ƙasa ke cikin rasit ɗinka?

Yanzu a Legas akwai samari da 'yan matan Hausawa da ba su da shago a Alaba Rago ko rumfa a Agege, amma suna da kwastomomi a ƙasa biyar ko shida. Abin da suke sayarwa ba ya hawa tirela: manhaja ce, ko darussan da aka naɗa, ko fina-finai, mutum ya biya kuɗin wata ya shiga, wata ya ƙare a sake cire masa. Idan ka karɓi rasit ɗin da da yawansu ke turawa, layi ɗaya za ka gani da adadi ɗaya, wani lokaci da 'yar kalma a ƙasa mai cewa haraji na ciki. Harajin wa? Kashi nawa? Wa zai kai shi, kuma wace hukuma? Shiru.

A ganina irin wannan takarda rabin rasit ce. VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayayya, ba kuɗin mai sayarwa ba ne, amana ce da ya karɓa daga hannun mai saye zai miƙa wa wata gwamnati, kuma wanda ya karɓi amana ya kamata ya rubuta ta wane ne. Rasit ɗin biyan wata-wata ya kamata ya faɗi ƙasar mai saye, farashi kafin haraji, kason da aka ɗora, adadinsa, da lambar rajistar wanda zai kai kuɗin. Ba don ado nake faɗin haka ba. Wanda ya kasa cike waɗannan layuka, yawanci bai san inda harajin ya kamata ya tafi ba ne, kuma wannan rashin sani yana da farashi.

Tushen maganar ƙa'ida ce guda: a irin wannan ciniki haraji yana bin mai saye, ba ya bin mai sayarwa. Tarayyar Turai ta koma kan wannan tun 1 ga Janairun 2015. Najeriya ma haka take yi, shi ya sa tun farkon 2022 manyan kamfanonin waje da ke sayar wa 'yan Najeriya hidima ta intanet suke ɗora kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗinsu. Wanda ke biyan dala 20 a wata ya ga an cire masa 21.50, wannan dala ɗaya da rabin ta baitulmalin Najeriya ce. To abin da muke yi wa kamfanonin waje, shi wasu ƙasashe ke yi wa namu.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ƙaramin kamfani a Agege yana da manhajar gyara rubutun Hausa, wadda ke kama kuskuren ƙa'ida da haruffa masu lanƙwasa. Cinikinsa ya wuce iyakar da doka ta yafe wa ƙananan 'yan kasuwa karɓar VAT, wadda dokar kuɗi ta 2019 ta sa a naira miliyan 25 a shekara, sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 kuma ta ɗaga ta. Yana sayarwa naira 10,750 a gida, Yuro 10 a Turai, fam 10 a Birtaniya.

Mai saye na farko malama ce a Idi Araba. Nata mai sauƙi ne: farashi naira 10,000, VAT naira 750, jimilla 10,750, a kai wa hukumar tara haraji ta ƙasa, wadda aka sani da FIRS yanzu ta koma NRS, kafin ranar 21 ga watan da ke biye ta wuce. Amma ko a nan akwai ramin da ake yawan faɗawa. Idan farashin ya riga ya ƙunshi haraji, ba a cire kashi 7.5 daga jimillar. Wanda ya yi haka zai samu naira 806.25, ya biya rarar naira 56.25 a kan kowane mutum kowane wata ba tare da kowa ya nema ba. Lissafin da ke daidai shi ne:

```
haraji = jimilla × kaso ÷ (100 + kaso)
10,750 × 7.5 ÷ 107.5 = 750
```

Na biyu ɗalibi ne a Jamus. Nan ne masu sayarwa da yawa ke ɗora masa 7.5 na Najeriya saboda shi kaɗai manhajar lissafinsu ta sani, kuma kuskure biyu ne a haɗe. Hidimar da aka sayar wa wanda ke zaune a waje, yake amfani da ita a waje, fitar da hidima ce, Najeriya ba ta karɓar VAT a kanta. Jamus kuwa tana karɓar kashi 19. A cikin Yuro 10 ɗin nan, Yuro 1.60 na Jamus ne, 8.40 ne na kamfanin. Da ɗalibin a Faransa yake, kashi 20 ne, saura 8.33. Da a Hangari yake, inda kason ya kai 27, abin da zai rage 7.87 ne. Farashi ɗaya a shafin sayarwa, amma abin da ke shiga aljihu yana canzawa da ƙasar mai saye. Kuma ba za ka iya nuna wa mutumin Turai Yuro 10 sannan ka ɗora masa haraji a shafin ƙarshe ba, domin dokokin kare masu saye a can sun ce farashin da aka nuna wa mutum ya zama da haraji a ciki.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne babu iyakar yafiya. Akwai wata iyaka ta Yuro 10,000 a shekara da ake yawan ambata, amma ta kamfanonin da ke zaune cikin Tarayyar ce kawai. Kamfanin Agege daga cinikin farko harajin ya hau kansa. Birtaniya ma haka: iyakar fam 90,000 ta 'yan kasuwar da ke da mazauni a can ce, baƙo daga fam ɗin farko zai yi rajista ya karɓi kashi 20. Kuma tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar, rajistarta daban take. Saudiyya, inda Hausawa suke da yawa a Jidda da Makka, kashi 15 take karɓa tun Yulin 2020, ita ma da nata tsarin.

Sauƙin da Turai ta yi shi ne ba sai ka yi rajista a ƙasa 27 ba. Akwai tsarin da ake kira OSS: ka zaɓi ƙasa ɗaya a cikinsu ka yi rajista ta intanet, a ba ka lamba mai farawa da EU, duk wata uku ka cike takarda ɗaya mai nuna abin da ka sayar a kowace ƙasa da harajinta, ka biya dunƙule kafin ƙarshen watan da ke biye, su raba a tsakaninsu. Ko ba ka sayar da komai ba a wannan zango, sai ka cike ka nuna babu. Idan da dala ko naira aka biya ka, da canjin Babban Bankin Turai na ranar ƙarshe ta zangon ake mayarwa Yuro, ba da canjin ranar ciniki ba, balle na 'yan canji.

A ce kamfanin namu yana da mutum 50 a Jamus, ya shekara yana karɓar Yuro 10 daga kowannensu yana ɗauka 7.5 ne a ciki. Ya tara Yuro 6,000. Ya kai wa Najeriya kwatankwacin Yuro 418.60 da ba nata ba, Jamus kuma tana binsa Yuro 957.98, ban da kuɗin ruwa da tara. Ba zai koma wa mutum hamsin ya ce su ciko ba, daga ribarsa zai fitar. Neman a dawo masa da wanda ya kai inda bai kamata ba kuwa wata doguwar tafiya ce. Da tun ranar farko rasit ɗinsa yana da layin ƙasar mai saye, da idonsa zai ga an rubuta Jamus a sama, harajin Najeriya a ƙasa, ya san akwai gyara.

Na san abin da wani zai ce: ɗan'uwa, wa zai taso daga Jamus ya zo Agege neman Yuro ɗari tara? Gaskiya ne ba gobe za a ƙwanƙwasa ƙofa ba. Sai dai tun Janairun 2024 bankuna da kamfanonin biyan kuɗi na Turai suna kai rahoton duk wanda ya karɓi biya fiye da 25 daga ƙetare a cikin wata uku. Mutum hamsin sau uku, biya 150 ke nan. Sunan yana cikin rumbunsu ko an waiwaye shi ko ba a waiwaya ba. Kuma sau da yawa ba jami'in haraji ke tono bashin ba, mai son zuba jari ne ko mai son sayen kamfanin, wanda akawunsa zai zauna ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya, wato sanin inda mai saye yake. A kasuwar Mile 12 kana ganin wanda ya sayi buhun albasa, a intanet ba ka ganin kowa. Dokar Turai ta ce mai sayarwa irin namu ya riƙe shaida biyu da ba su saɓa wa juna ba: adireshin da mutum ya rubuta, ƙasar bankin da ya ba shi kati, lambar IP da ya shigo da ita, wadda ke nuna daga ina na'urarsa ta hau intanet, lambar ƙasar layin wayarsa, da makamantansu. A ajiye su shekara goma.

Ga mutanenmu waɗannan shaidu sun fi na kowa rikicewa. Ɗalibin nan na Jamus yana iya biya da katin bankin Najeriya da ya tafi da shi, ya rubuta adireshin gidansu na Kano saboda shi ke kan katin, amma kullum daga Jamus yake shiga. Shaida biyu sun ce Najeriya, ɗaya ta ce Jamus. A gefe guda ga ɗan kasuwa a Obalende da ke kunna VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake, IP ɗinsa ya nuna Landan, katinsa na dala daga wani kamfanin waje, shi kuwa bai taɓa wuce Seme ba. Manhajar da ta dogara da IP kaɗai za ta ɗora wa mutumin Obalende kashi 20 na Birtaniya. Wadda ta dogara da kati da adireshi kaɗai za ta ci gaba da ɗaukar ɗalibin a matsayin mazaunin Kano har ya gama digiri.

Abin da ya dace shi ne a tambayi mutum ƙasar da yake zaune tun a shafin biya, a gwada amsarsa da ƙasar kati da IP. In biyu sun dace da abin da ya faɗa, a wuce. In sun saɓa, a nemi shaida ta uku, kamar tura lambar tabbatarwa zuwa layin wayarsa, ko a rubuta masa a tambaya. Sannan a adana abin da aka gani da ranar da aka gani, domin bayan shekara huɗu ba wanda zai tuna dalilin da ya sa aka ɗauki wane a matsayin mazaunin Jamus. Haka kuma a sake dubawa lokaci-lokaci, tunda biyan wata-wata yana daɗewa, mutane kuma suna ƙaura. Rubuta ƙasar a fuskar rasit yana da wata fa'ida a nan: mai saye da kansa zai zama mai gyara. Mutumin Obalende da ya ga an rubuta Birtaniya da kashi 20 ba zai kwana bai yi magana ba.

Mai saye na uku kamfanin fassara ne a Dublin ta ƙasar Ireland, cikin Tarayyar Turai, ya sayi wa ma'aikatansa. Ciniki tsakanin kamfani da kamfani hukuncinsa daban. Mai sayarwa ba ya ɗora VAT, mai sayen ne zai lissafa kashi 23 na ƙasarsa a takardunsa ya kai da kansa. Sharaɗin shi ne ya ba da lambar VAT ɗinsa, a duba ta a shafin VIES na Tarayyar, a ajiye sakamakon. Lambar da ba ta inganta ba, sai a ɗauki mai ita kamar kowane mutum a ɗora masa haraji. Rasit ɗin kuma dole ya faɗi dalilin da ya sa babu haraji, da kalmomin da akawunsu ke nema:

```
Net amount: EUR 100.00
VAT: EUR 0.00
Reverse charge, Art. 196 Directive 2006/112/EC
Customer VAT no: IE...
```

Sifili a layin haraji ba ma'ana ɗaya gare shi ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake ƙin rasit mai sifili tsirara. Akwai sifilin da ke nufin an fitar da hidima waje, akwai wanda ke nufin mai saye ne zai kai, akwai na ɗan kasuwar da bai kai iyakar rajista ba. Kowanne da inda yake shiga a takardar haraji. Kada kuma a ɗauka tsarin Turai ne a ko'ina: a Najeriya kamfanin waje yana rubuta VAT a takardarsa ko da kamfani ya sayar wa, in kuma bai rubuta ba, kamfanin da ya saya a nan shi zai lissafa ya kai. Tunda sabuwar doka ta buɗe wa kamfanoni hanyar cire VAT ɗin da suka biya a kan hidima daga wanda za su kai, ɗan kasuwar Legas da ya karɓi rasit marar layin haraji daga mai sayar masa da manhaja yana iya rasa kuɗin da ya halatta ya cire.

Ga ɗalibin Jamus kuwa, ga abin da nake so a gani:

```
Invoice no: 2026-000418
Customer country: DE
Period: 01 Mar - 31 Mar 2026
Net: EUR 8.40
VAT 19% (DE): EUR 1.60
Total: EUR 10.00
Supplier VAT ID: EU...
```

Za a iya cewa ƙasashen Turai da dama ba su tilasta a ba mutum ɗaiɗai cikakkiyar takarda irin wannan ba, kuma haka ne. Amma manhaja ce ke buga ta, layi bakwai da layi ɗaya kuɗinsu ɗaya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne akasin haka, wato rubuta VAT na wata ƙasa alhali ba ka da rajista a can. A dokar Turai duk wanda ya rubuta VAT a takardar ciniki, bashinsa ya hau kansa ko da kuskure ya rubuta. Karɓar kuɗi da sunan gwamnatin da ba za ka kai wa ba kuma, ko ba doka, cin amana ne.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma suna taruwa. In an mayar wa mutum kuɗinsa ba a goge rasit, ana fitar da takardar ragi mai ambaton lambar na farko, domin lambobin su ci gaba a jere ba giɓi. Wanda ya biya na shekara gaba ɗaya, harajin duka yana hawa ne lokacin da ya biya, ba a raba shi goma sha biyu. Kaso kuma yana canzawa: Finlan ta koma 25.5 a Satumbar 2024, kuma manhajar da aka gina ta tana karɓar cikakkiyar lamba kawai sai ta mayar da shi 25 ko 26, duka biyun kuskure.

To ƙaramin kamfani ya yi yaya? Hanya uku ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, kafin a buɗe wa ƙasa ƙofa ake zaɓa. Ko ya yi rajistar da kansa, ko ya rufe sayarwa ga ƙasashen da bai shirya musu ba, ko ya sayar ta hannun dillalin da ke ɗaukar cinikin da sunansa. App Store da Google Play suna yin haka a ƙasashe da yawa, akwai kuma irin su Paddle, waɗanda sunansu ne ke fita a rasit, su ke karɓar harajin su kai, su cire ladansu. A nan ake yawan ruɗewa, domin Paystack da Flutterwave hanyar karɓar kuɗi ce, ba su ne masu sayarwa ba, don haka harajin yana nan a wuyan mai kaya. Gwajin mai sauƙi ne: duba sunan wa ke saman rasit ɗin da mai saye ya samu. Ga wanda kwastomominsa na waje ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba kuma sun warwatsu, ni dillalin nake ganin ya fi, ko da ladansa ya fi na hanyar biya tsada, domin kuɗin akawun da zai riƙe rajista uku a ƙasa uku ya fi wannan lada.

Ba na ɓoye cewa tsarin bai yi wa ƙananan masu sayarwa adalci ba. A 2021 Najeriya ta sa wa kamfanonin waje iyakar dala 25,000 a shekara kafin ta nemi su karɓar mata haraji, amma yarinyar da ta gina manhaja a ɗaki ɗaya a Agege, Turai da Birtaniya suna nemanta daga kwabon farko. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami, kuma magana ce da ta kamata jami'anmu su riƙa tayarwa duk inda ake zaman haraji tsakanin ƙasashe. A gida kuma, tunda hukumar haraji ta fara tsarin rasit na lantarki a 2025 da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama, inda kowace takarda ke samun lambar tantancewa, ina so kafin tsarin ya sauko kan ƙanana a fitar da samfuri bayyananne na rasit ɗin hidimar da aka fitar waje: wane layi ne zai nuna ƙasar mai saye, wace kalma za a rubuta a gaban sifilin, kuma wace shaida jami'i zai karɓa idan katin mutum na Najeriya ne amma shi yana Jamus. A fitar da shi da Hausa da Yarbanci da Ibo, ba da Turanci kaɗai ba, domin da yawa daga masu wannan sana'a su ne akawun kansu.